Maganin Hajiya Kaya Yake Jira ko Hannun Likita?

Jama'ar Nima da Mamobi, wannan takarda ta masu shan magani kullum ce, wato masu hawan jini da ciwon sukari, da kuma 'ya'ya da jikokin da ake aika su karɓo. Sau da yawa yaro yakan dawo gida hannu rabbana, a tambaye shi, ya ce: "Sun ce babu, a koma jibi." Jibi a koma, a sake jin haka. To, ku sani wannan "babu" iri biyu ce, kuma kowace da hanyar da ake bi a warware ta. Akwai wadda maganin ne ya ƙare a kan kanta, ana jiran kaya. Akwai kuma wadda maganin yana nan jibge, amma mai harhaɗa magani ba shi da ikon miƙo shi sai likita ya sake sa hannu. Wanda bai rarrabe su ba yana iya yin mako guda yana zarya a wurin da ba nan matsalarsa take ba.

Mu ɗauki misali. Ga wata Hajiya a Mamobi, likita ya rubuta mata magani biyu na kwana 30. Na hawan jini shi ne amlodifin mai miligiram 10, ƙwaya ɗaya kullum, ƙwaya 30 ke nan. Na sukari shi ne metfomin mai miligiram 500, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ƙwaya 60 ke nan. Ta tura jikarta kantin magani da takardar da katin inshorar lafiya ta NHIS, wadda Gana ta kafa da doka a 2003, wadda kuma hawan jini da sukari suke cikin cututtukan da take ɗauka. Aka ce wa yarinya a dawo.

Abin da ya kamata ta yi kafin ta juya shi ne ta tsaya ta ce: "Don Allah yaya, a duba mini ɗaya bayan ɗaya. Wanne ne babu shi a kanti, wanne ne kuma sai likita?" A ce an duba, sai aka tarar amlodifin ɗin ne ya ƙare, metfomin kuwa ga shi nan, sai dai metfomin ɗin da aka rubuta a takardar an riga an ba da shi duka tun watan jiya, kuma likita bai rubuta a maimaita ba. Kun ga takarda ɗaya, jira biyu.

Mu fara da na kaya, don shi ne mai sauƙi. Kantunan unguwa ba su tara kaya da yawa, sukan saro ne daga manyan dillalai, irin na Okaishi a tsakiyar Akara, asibitocin gwamnati kuma yawanci daga rumbun magani na yanki. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: an riga an yi odarsa, yaushe zai iso? Ta biyu ta fi muhimmanci: babu shi ne gaba ɗaya, ko mai miligiram 10 ne kawai babu? Idan akwai mai miligiram 5, ƙwaya biyu daidai suke da ɗaya ta da, sai mai harhaɗa magani ya ba da 60 maimakon 30, ya rubuta a jikin kwalin cewa biyu za a sha lokaci guda. A nan ne ake yawan yin kuskure. Tsohuwa ta saba da ɗaya, sai ta ci gaba da shan ɗaya, rabin magani ke nan, jini ya hau ba a san dalili ba. Alamar da za ta tona wannan ita ce wata ya ƙare amma rabin ƙwayoyin suna nan. Haka kuma idan kwali ya sauya kala domin wani kamfani ne ya yi shi, ba abin tsoro ba ne, muddin sunan maganin da yawan miligiram ɗinsa ɗaya ne. A riƙe tsohon kwalin a gwada.

Amma idan aka ce babu amlodifin sam, ga nifedifin shi ma na hawan jini ne, to magana ta tashi daga jiran kaya ta koma jiran likita, domin wannan sauya magani ne. Kafin a kai ga haka, a karɓi takardar a gwada wani kantin da NHIS ta amince da shi. Kada a bar takarda a kanti ana jiran gawon shanu.

Shi kuwa metfomin, ko an yi wata ana komawa kanti ba zai fito ba. Hanyarsa ita ce Hajiya da kanta ta koma inda aka rubuta, a ce Babban Asibitin Mamobi, da katinta, ba a aiki yaro ba. Wasu sukan ɗauka wahalarwa ce kawai. Ni a ganina ba haka ba ne, ga dalili. Ƙoda ce take fitar da metfomin daga jiki, sukari da hawan jini kuma su ne kan gaba wajen raunana ƙoda, don haka likita yakan so ya ga gwajin jini lokaci lokaci kafin ya ce a ci gaba, ko a rage. Zai auna jinin, ya auna sukarin safe kafin a karya, ya dubi ƙafafu, tunda amlodifin yakan kumbura idon sawu. Idan azumi ya gabato, a wannan zaman ne ake tambayar yadda za a raba magani tsakanin sahur da buɗa-baki, ba a wurin maƙwabciya ba.

Ga wani gargaɗi. Idan jira ya yi tsawo, mutane sukan ruga ƙaramin shagon kemis na lungu. Ƙarƙashin dokar 2013 da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Gana take aiki da ita, waɗannan shaguna lasinsu na sayar da ƙananan magunguna ne irin su farasitamol. Maganin hawan jini da na sukari ba hurumin su ba ne. Kuma idan magani ya ƙare tas, a faɗa wa mai harhaɗa magani ƙarara cewa yau babu na sha, domin ya tuntuɓi likitan ko ya tura a gan shi a ranar. Mai allurar insulin musamman, kada ya kwana bai nemi asibiti ba.

Wani lokaci kuma ba kaya ba ne, ba likita ba ne, kati ne ya mutu, tunda shekara shekara ake sabunta shi. Wannan ana duba shi a waya, a danna *929#, a kuma biya ta kuɗin waya.

Ku ma masu aiki a bayan kanta akwai naku. A ware littafi, kowane mai jira a rubuta ranar da ya zo, da sunan maganin, da ƙarfinsa, da ƙwayar da ta rage masa a gida, sa'an nan a sa alama: kaya ko likita. Kowace safiya a buɗe shi. Na kaya a gwada su da abin da dillali ya kawo, a buga wa masu shi waya. Na likita kada a ce musu "a dawo jibi", a ce "a koma asibiti". Wanda ƙwayarsa ta fi kusa ƙarewa shi ake fara bi, ko da shi ya zo ƙarshe.

A gida kuwa lissafin ba wuya. Idan amlodifin ya rage ƙwaya 7, metfomin ya rage 14, saura mako guda ke nan, ranar ce za a ɗauki takarda a je a tambaya. Mako ya isa a ga likita, a yi gwaji idan ya nema, a kuma zaga kanti biyu ko uku in na farko ba shi da kaya.