Amsoshin Tambayoyinku: Karanta Taswirar Tafiyar Aiki

Tambayar yau daga Malama Hauwa take, daga Gusau, wadda ta aiko hoton farin allon ofishinsu ɗauke da taswirar yadda ake amincewa da takardar neman biyan kuɗi. Tana son sanin yadda ake karanta ta.

Ana fara karatu daga da'irar farko, a bi kibiya. Kowane akwati mai kusurwa huɗu aiki ɗaya ne, kamar "duba rasidi". Siffar daimon kuwa mahaɗar yanke hukunci ce: cikinta tambaya, "Rasidi ya cika?", kuma kibiya biyu ke fita, ta "e" da ta "a'a". Ta "e" tana wucewa wurin akanta. Ta "a'a" tana komawa baya ga mai nema ya gyara, a sake dubawa. Wannan komawa baya ita ce zagaye. Zagayen da bai bi ta daimon ba kuskure ne, domin takarda za ta yi ta yawo ba mafita.