AWA NAWA DIREBA ZAI YI YANA TUƘI A RANA?

Darasinmu na yau lissafi ne, amma lissafin da ke ceton rai. Kowa a cikinmu yana shiga kar ko kamyo zuwa birni. Wasu kuma ɗiyansu ne ke tuƙi. To mu duba awa nawa ya kamata direba ya riƙe sitiyari, da yadda ake raba aiki tsakanin direbobi.

Ma'auni huɗu

A shekarar 1979, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zauna a birnin Jeneba. Ta tsai da yarjejeniya mai lamba 153 a kan direbobin haya. Ƙasar da ta amince da yarjejeniyar ita ce ta zama mata tilas, amma ma'auninta yana da amfani ga kowa. Ga shi:

1. Kada direba ya wuce awa 4 yana tuƙi ba tare da hutu ba.
2. Kada ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana guda.
3. Kada ya wuce awa 48 a mako.
4. A cikin awa 24, ya samu hutun awa 10 a jere.

Ƙasashen Tarayyar Turai suna da dokarsu ta shekarar 2006. Su ma awa 9 suka sa a rana, da hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Nan Nijar kuwa, dokar ƙwadago ta 2012 ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere kowane mako.

Mi ya sa aka yi iyaka?

Barci ba ya sallama. Motar da ke gudun kilometir 60 a awa tana cin kusan metir 17 a daƙiƙa guda. In direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa uku kurum, motar ta yi metir 50 ba mai riƙonta. Wannan ya isa ta faɗa rami ko ta kara da wata.

Misali daga Bobiel

Mu ɗauka akwai wani direban kar da ke zaune unguwar Bobiel, a Yamai. Motarsa tana zuwa Damagaram a kan babbar hanya mai lamba 1. Tsawon tafiyar kusan kilometir 900 ne. Don lissafi ya yi sauƙi, mu ce motar tana cin kilometir 60 kowace awa. Mu raba 900 da 60, mu samu awa 15. Iyakar mutum guda awa 9 ce. Ke nan direba guda ba zai kai wannan mota a rana ɗaya ba. Ana bukatar biyu.

Ina za su yi canji? Daga Yamai zuwa Birnin Ƙwanni kusan kilometir 420 ne, wato awa 7. Daga Ƙwanni zuwa Damagaram kusan 480 ne, wato awa 8. Ƙwanni ta dace, don kowanensu bai kai awa 9 ba.

Direban Bobiel ya tashi daga tasha ƙarfe 5 na asuba. Ya tsaya rabin awa a Doso, ya sake tsayawa rabin awa a Dogon Dutsi. Dole ya tsaya Doso, don daga Yamai zuwa Dogon Dutsi ya fi tuƙin awa 4. Ya iso Ƙwanni ƙarfe 1 na rana. Aikinsa na yau ya ƙare. Zai kwana nan, gobe ya karɓi motar da ke komawa Yamai. Haka zai yi daga Litinin zuwa Asabar: 7 sau 6, awa 42. Bai kai 48 ba. Ran Lahadi yana gida cikin iyalinsa.

Direba na biyu ya kwana Ƙwanni, ya huta. Ya karɓi mota ƙarfe 2 na rana. Ya iso Maraɗi ƙarfe 6, bayan awa 4 daidai. Ya huta awa guda, a ci abinci, a yi salla. Ya tashi ƙarfe 7, ya shiga Damagaram ƙarfe 11 na dare.

Inda ake yin kure

Ga tarkon. A ce motar da ke komawa tana tashi daga Damagaram ƙarfe 5 na asuba. Mai mota ya ce wa direba na biyu ya juya da ita. Mu ƙirga: daga 11 na dare zuwa 5 na asuba awa 6 ne kaɗai, ba 10 ba. Kuma a cikinsu akwai sauke kaya da neman makwanci. In ya bar tasha ƙarfe 12 na dare, ba zai koma aiki ba sai ƙarfe 10 na safe. Motar asuba tana bukatar direba na uku, wanda ya kwana a Damagaram.

Kure na biyu shi ne cika ma'auni har baki. Direba na biyu yana yin awa 8 a rana. In ya yi kwana 6, ya cika 48 cif. Ran da ruwa ya ɓata hanya, aka yi tafiyar hawainiya, sai ya zarce. Gara a ba shi kwana 5, wato awa 40, a bar sarari.

Kure na uku shi ne a ƙirga tuƙi a manta da sauran aiki. Direban Bobiel yana isowa tasha tun ƙarfe 4 don duba mai da taya da birki. Wannan ba tuƙi ba ne, amma kuma ba hutu ba ne.

Kamyon kaya fa?

Kamyo mai nauyi ba ya da sauri. Mu ce yana cin kilometir 45 a awa. Tafiyar kilometir 900 za ta ci awa 20. Direba guda zai yi 9 yau, 9 gobe, 2 jibi. Kwana uku ke nan. Manomi ko ɗan kasuwar da ya ɗora albasa ko wake ya san da haka, kada ya matsa wa direba ya raba dare yana gudu. Kada kuma a miƙa wa yaron mota sitiyari in ba shi da permin babbar mota.

Yadda ake ganewa

Kowane direba ya riƙe littafi. Ya rubuta lokacin da ya tashi, da inda ya tsaya, da lokacin da ya sauka. Mai tsara aiki ya tara awoyin kowane mako. Wanda ya cika nasa ya zauna gida.

Fasinja ma yana da ido. In direba yana yawan hamma, yana murza ido, ko mota tana karkata bakin kwalta tana dawowa, barci ya zo. Ku ce masa da ladabi: Malam direba, tsaya mu huta. Goro da shayi suna jinkirta barci kurum, ba su biyan bashinsa. Ƙwaya irin tiramol kuwa ƙara haɗari take yi.

Tambayoyi don aji

1. Awa nawa direba zai yi kafin ya tsaya hutu?
2. Direba ya bar aiki ƙarfe 10 na dare. Ƙarfe nawa zai iya komawa?
3. Tafiyar kilometir 660 ce daga Yamai zuwa Maraɗi. Mota tana cin 60 a awa. Direba nawa ake bukata?