Kayan sari sun makale? Yadda ake karanta lambar bibiya

Wani matashi mai shagon kayan waya a Gesse, Birnin Kebbi, ya sari katan uku na caja da iyafis daga wani dila a Computer Village da ke Ikeja, Legas. Ya biya ranar Litinin. Da yamma dilan ya turo masa lambar bibiya ta WhatsApp, ya ce kaya sun taso. Har Juma'a shiru, ga wani abokin ciniki daga Argungu da ya ba da kafin alƙalami yana ta kira.

Kullum sai ya zuba lambar a shafin kamfanin jigilar, ya ga ta fito, hankalinsa ya kwanta. Sai da wani maƙwabcinsa da ya daɗe a harkar ya karɓi wayar ya ce, "Ƙanena, ka duba kwanan watan da ke ƙasan rubutun kuwa?"

Abin da ke kan allon shi ne `Shipment Created`, da kwanan Litinin, Legas. Kalmomin kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wasu na rubuta `Label Created`, amma ma'anar guda ce: an buɗe wa kaya takarda a kwamfuta. Wannan bai nuna an ɗora katan a mota ba, wani lokacin ma kayan na nan a shagon dila. Shafin na motsawa ne kawai idan ma'aikaci ya ɗauki lambar jikin katan da na'ura. Don haka abu biyu za ka fara dubawa: wuri na ƙarshe da aka ɗauki lambar, da ranar.

Matashin ya daina aika "Oga, yaya dai?" Ya nemi hoton takardar webil da kamfanin ya bayar, wadda ke nuna ranar karɓa, yawan katan da sunan mai karɓa. Nan dilan ya faɗi gaskiya: katan ɗaya bai cika ba, yana jiran caja. Suka daidaita a tura biyu nan take, na ukun ya biyo baya da tasa lambar.

Ranar Asabar rubutun ya koma `In Transit`. Daga nan kwana biyu ko uku ba sauyi ba abin tayar da hankali ba ne. Motar da ta bi ta Ilorin, Jebba, Kontagora da Yawuri tana iya cin hanyar ba a taɓa katan ɗinka ba. Idan ka ga `Arrived`, karanta sunan garin da ke gefe, domin yana iya zama ofishin da ake rarraba kaya ne a hanya.

Talata ya ga `Ready for Pickup`, Birnin Kebbi. Ya tafi da katin shaida da lambar webil, ya ƙirga katan biyu kamar yadda takarda ta nuna, ya ɗauki hoton wanda kusurwarsa ta lotse, sannan ya sa hannu.