Gwada Kafin Ka Saki

A ce kai ne sakataren ƙungiyar ɗaliban Ikara, Makarfi da Kudan, kun koma fitar da sanarwa ta WordPress. Kada ka yi saurin danna Publish. Rubuta sanarwar gwaji, ka adana ta da Save draft. Jama'a ba za su gan ta ba.

Sai ka shiga Posts ka duba lokacin da aka rubuta a gefenta. In ka adana 4:00 amma ta nuna 3:00, manhajar tana kan UTC, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Ka ga sanarwar tashin mota da ka tsara ta fita 7:00 sai 8:00 za ta bayyana, mota ta tafi.

Gyaran yana Settings > General > Timezone: zaɓi Lagos. Sake gwadawa, in lokaci ya daidaita, to bismilla.