Kafin Ku Sayi Magani Saboda "Sabon Bincike": Shawarwari Ga Iyalai

A watan Nuwamba na 2020, korona na kan ganiyarta, wasu likitoci daga Jami'ar Benha ta ƙasar Masar, ƙarƙashin jagorancin Dakta Ahmed Elgazzar, suka saki wata takardar bincike a kan maganin ibamektin. Mu nan maganin ba baƙo ba ne. Shi ne Mektizan ɗin da ake rabawa a ƙauyukan bakin kogi saboda ciwon makanta, kuma makiyaya sun san shi a matsayin maganin tsutsar dabbobi. Takardar ta ce ya rage mace-macen masu korona da kusan kashi 90 cikin ɗari. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga duniya. A watan Yuli na 2021 aka janye takardar, amma kafin nan ta yi wata takwas tana yawo, an kafa hujja da ita, an sayi magani saboda ita.

Abin da yawancin masu tura labarin ba su lura da shi ba shi ne, takardar ba ta bi ta hannun masu tantancewa ba. A al'adar masana, idan mai bincike ya gama aiki yakan aika wa mujallar ilimi, edita ya miƙa wa masana biyu ko uku na fannin, su bi ta da jan biro, su nemi gyara ko su ce ba ta isa ba. Wannan kan ɗauki watanni. Don haka aka buɗe rumbuna inda mai bincike zai ajiye takardarsa kowa ya karanta tun kafin a yi mata wannan tankaɗe da rairaya. Ga abin da ya kamata mai gida ko uwargida su duba idan irin wannan takarda ta faɗo cikin wayarsu.

1. Fara da gano wace iri ce. Kada ka tsaya a hoton da aka turo maka, nemi takardar kanta. Idan ka ga kalmar `preprint` ko `not peer-reviewed` a samanta ko a gefen shafukanta, ba a tantance ta ba. Sunan rumbun ma kan tona asiri: `medRxiv` na likitanci, wanda aka buɗe a 2019, `bioRxiv` na kimiyyar halittu tun 2013, `arXiv` na su lissafi da fiziks tun 1991, sai `Research Square` inda takardar Benha ta zauna. Waɗannan rumbuna suna duba abu kafin su saka, amma dubawa ce ta sama-sama ta 'yan kwanaki: shin takardar kimiyya ce, ba satar rubutu a fili, ba abin da zai jefa jama'a cikin haɗari? Ba su auna ko lissafin ya yi daidai. Shi kansa `medRxiv` yana rubuta gargaɗi a kan takardunsa cewa kada a yi wa mara lafiya magani bisa abin da suka ƙunsa. Mai rumbu ya ce kada ka dogara da kayan da ke ciki, kai kuma ka ɗauka ka ba mahaifiyarka?

2. Duba kwanan wata, ka bi sawunta. Takardar da ba a tantance ba kamar tuwo ne a kan wuta, ba a gama tuƙi ba. Tana iya samun zubi na biyu da na uku, alƙaluma su canza. Kwafi taken takardar ka saka a manemin intanet, ka ga ɗaya cikin abu uku. Ko dai ta fito a mujalla, sai ka karanta waccan ka bar wannan. Ko an janye ta, a nan za ka ga `withdrawn` ko `retracted`. Ko kuma tana nan zaune shiru. Idan takarda ta yi iƙirari mai girma, ta shekara biyu ba mujallar da ta ɗauka, wannan shirun ma magana ce.

Janyewa na iya zuwa da sauri, amma ba ta cim ma jita-jita. A ƙarshen Janairu na 2020 wasu masu bincike a birnin Delhi na Indiya suka saka takarda a `bioRxiv` suna cewa ƙwayar korona na ɗauke da wasu gutsattsari masu kama da na ƙwayar cutar ƙanjamau. Masana suka yi mata ca, suka nuna cewa gutsattsarin gajeru ne ƙwarai, ana samun irinsu a halittu barkatai. Cikin 'yan kwanaki marubutan suka janye ta. Sai dai hotonta ya ci gaba da yawo a wayoyi ba tare da tambarin janyewar ba.

3. Tambayi: a kan wa aka gwada? Wannan ba ya buƙatar digiri. A kan mutane ne, ko ɓeraye, ko ƙwayoyin halitta a cikin kwanon gwaji? Zancen ibamektin ya samo asali ne daga wani gwaji da aka yi a Jami'ar Monash ta Ostareliya a Afrilu na 2020, inda maganin ya kusa share ƙwayar korona cikin awa 48. Amma a kwano ne, kuma yawan maganin da aka zuba ya ninka abin da ke isa jinin mutum idan ya sha adadin da likita ke rubutawa, nesa ba kusa ba. Kwano ba shi da hanta, ba shi da ƙoda.

4. Nemi rukunin kwatance, sannan ka ƙirga kawuna. A nan ne ya kamata a zauna, don nan ne gizo ke saƙa. Yawancin masu korona suna warkewa ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Saboda haka "mun ba mutum ɗari, casa'in da takwas sun tashi" ba hujja ba ce, sai an nuna maka wasu mutum ɗari masu irin ciwon da ba a ba su ba, kuma ƙuri'a ce ta raba su, ba son ran likita ba. Idan likita ne ke zaɓa, ko da zuciya ɗaya, yana iya tura masu sauƙin ciwo ɓangaren sabon magani.

Bayan nan ka bar kashi cikin ɗari, ka nemi mutum nawa ne. A takardar Benha, cikin masu tsananin ciwo, an ce mutum 2 cikin 100 suka rasu a rukunin ibamektin, 20 cikin 100 a ɗaya rukunin. Daga nan kashi 90 ɗin ya fito. Duk ginin yana tsaye ne a kan mutum 22. A sauya 'yan layuka kaɗan a kundin marasa lafiya, sakamako ya juye.

Abin da ya biyo baya ke nan. Wani ɗalibi a Landan mai suna Jack Lawrence, da malaminsa ya ba shi takardar a matsayin aikin aji, ya lura gabatarwarta an kwaso ta daga wasu rubuce-rubuce, an ɗan sauya kalmomi. Ya nemo ainihin kundin bayanan, masana irin su Nick Brown da Gideon Meyerowitz-Katz suka bi shi layi-layi. Suka tarar da bayanan marasa lafiya aƙalla 79 da aka maimaita, da mutanen da kundin ya nuna sun rasu tun kafin ranar da aka ce an fara binciken, da kuma mace-mace huɗu a rukunin ibamektin inda takardar ta ce biyu. Dakta Elgazzar ya musanta zargin, ya ce kundin da aka duba ba nasa ba ne. Rumbun dai ya janye takardar. Daga baya wani babban gwaji a Burazil mai mutum 1,358, wanda ya fito a mujalla a 2022, bai ga maganin ya rage kwanciya asibiti ba.

Ba wanda ke tsammanin uwargida ta zauna tana bin kundi layi-layi. Amma akwai abin da kowa zai iya riƙewa: idan sakamako ya yi kyau fiye da kima, daga wuri guda, a kan mutane kaɗan, to a ƙara taka-tsantsan, ba murna ba. Magungunan gaske ba kasafai suke rage mutuwa da kashi 90 ba.

5. Kada ka ce duk wadda ba a tantance ba ƙarya ce. Wannan ma kuskure ne, kuma na ga masu ilimi suna faɗawa cikinsa. A watan Yuni na 2020, masu wani gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Birtaniya suka saki sakamakonsu a kan dekzametazon, wani tsohon magani mai araha, ta wannan hanya ɗaya, tun kafin a tantance. Duba bambancin. Mutum 2,104 aka ba maganin, aka kwatanta su da 4,321, ƙuri'a ce ta raba su, kuma an bayyana tsarin gwajin tun kafin a ga sakamako. Cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, kimanin 29 cikin ɗari suka rasu a rukunin maganin, kimanin 41 a ɗaya rukunin. Ba su ɓoye iyakarsa ba: ga wanda ba ya buƙatar iskar taimako, maganin bai amfane shi ba. Da takardar ta fito a mujalla a watan Yuli, alƙaluman sun ɗan motsa, hukuncin bai canza ba.

Lura da wannan iyaka da kyau. Wanda ya ji "dekzametazon na maganin korona" ya ruga kemis ya saya wa mai ɗan zazzaɓi a gida, ya karanta takarda ta gari amma ya yi aikin banza, har da haɗari, domin maganin na danne garkuwar jiki kuma yana tayar da sukari.

6. Tambarin mujalla ma ba rantsuwa ba ne. A watan Mayu na 2020 mujallar Lancet, wadda tana cikin manya a duniya, ta buga wani bincike a kan maganin kulorokwin da ɗan'uwansa, ta janye shi cikin mako biyu saboda kamfanin da ya kawo bayanan ya ƙi bari a duba su. Masu tantancewa sukan karanta abin da aka rubuta ne, ba kasafai suke ganin ainihin kundin ba. Tantancewa taki ɗaya ce ta ƙari. Abin da ya fi ta ƙarfi shi ne wasu masana, a wata ƙasa, su maimaita gwajin su samu abu guda.

7. Ku yi wa gida doka. Takardar da ba a tantance ba ta isa a yi hira a kanta, ta isa a kai wa likita a tambaye shi. Ba ta isa a fara magani, ko a daina wanda ake sha, ko a hana yaro rigakafi ba. Idan Yaya ko Kawu ne ya turo, ba sai an yi masa gardama a gaban jama'a ba. A kira shi gefe a ce, "Kawu, Allah Ya ƙara girma, na duba takardar nan, masu ita ma sun rubuta a samanta cewa ba a tantance ba. Bari mu nuna wa likita ranar da za mu je awon Baba." Idan kuma kai ne za ka tura wa wani, rubuta a samanta da Hausa cewa ba a tantance ba, ka sa kwanan watanta. In ka duba ka tarar an janye ta, koma wurin duk wanda ka riga ka tura wa ka gaya masa.