Tambaya da Amsa: Yaya Zan Gane Kambas na Asali a Hoto?

TAMBAYA: Malam, ni ɗinki nake koyo a Lamashegu, nan Tamale. Wani mai sayar da takalma a Kumasi ya turo mini hotunan farin kambas Nike Air Force 1 ta WhatsApp, ya ce sabo ne fil a kwalinsa, in tura kuɗi ta MoMo ya sa mini a mota. A takardar jikin kwali an rubuta CW2288-111, sai US 10, UK 9, EUR 43. Ta cikin takalmin kuma na ga 315122-111. A ido dai yana da kyau. Shin na asali ne ko jabu? Me zan riƙa dubawa nan gaba? Ƙaninka daga Lamashegu.

AMSA: Kada ka tura kuɗin nan tukuna. Abin da ka kwafo mini ya isa a yanke hukunci ko ban ga hoton ba.

Mu fara da lambar da ta fara da CW. Kowane samfurin Nike yana da lambarsa mai kashi biyu: shida na farko sunan samfurin ne, uku na bayan ɗan layin kuma launi ne. CW2288-111 lamba ce ta gaskiya, ta farin Air Force 1 na maza. Baƙinsa yana ƙarewa da 001. Ita ma 315122-111 ta gaskiya ce, tsohuwar lambar farin ce kafin a canza ta. Matsalar ita ce takalmi ɗaya ba ya fitowa daga masana'anta da lamba biyu. Abin da ke jikin kwali, shi za a gani a takardar da ke cikin takalmi, harafi da harafi. Idan suka saɓa, ko dai an saka takalmin a kwalin wani, ko kuma wanda ya buga takardun bai damu da su dace ba. Ko wanne ne, maganar "sabo fil a kwalinsa" ta faɗi.

Mai kaya zai iya cewa yaron shago ne ya haɗa kwalaye, kuma hakan na faruwa. To amma kwalin kansa ma yana da magana. A ma'aunin Nike na maza, US 10 shi ne UK 9, shi ne EUR 44, tsawonsa santimita 28. EUR 43 kuwa abokin US 9.5 ne, UK 8.5, santimita 27.5. Kwalin da ya haɗa US 10 da EUR 43 a layi ɗaya ba daga kamfanin ya fito ba, don waɗannan lambobi ba da hannu ake cike su ba balle a ce kuskuren magatakarda ne.

Akwai wata dabara da ta fi dacewa da masu sayar da kaya da yawa. A ƙarƙashin layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti akwai lamba mai alƙaluma 12, ana rubuta UPC kusa da ita a takardar cikin takalmi. Kowane girma da tasa lambar. Masu jabu sau da yawa takarda ɗaya suke kwafa, su canza girman kawai su bar sauran. Ka ce ya turo maka takardar lamba 42 da ta 44 na samfurin ɗaya. Idan UPC ɗinsu iri ɗaya ce, ka gama bincike. Ka kuma duba kwanakin wata biyu da ke takardar ciki, waɗanda ake rubutawa wata, rana, shekara. Na hagu ya kamata ya riga na dama, yawanci da 'yan watanni.

Af, kada rubutun ƙasar da aka ƙera shi ya ruɗe ka. Na sha jin samari suna cewa duk abin da aka rubuta wa China jabu ne, na Vietnam shi ne gangariya. Nike na ƙera takalma a Vietnam da Indonesiya da China duka, masu jabun birnin Putian na lardin Fujian kuma ba abin da zai hana su buga sunan Vietnam.

Ɗinki kuwa fanninka ne, kada ka raina idonka. Ka buɗe hoton wannan takalmi a shafin Nike, ka ajiye shi kusa da na mai kaya, ka bi ɗinkin da ya kewaye alamar nan mai kamar lauje a gefe. Abu biyu za ka lura da su: tazarar da ke tsakanin ɗinki da bakin fata, da tsawon kowane taku na allura. A na asali tazarar ba ta canzawa, har a lanƙwasa. A jabu, wurin lanƙwasar ne ake kama su, don a nan takun yake faɗaɗa, ko layin ya kusa faɗowa daga bakin fata, kamar dai aikin yaron da ke sauri a daren salla. Daga nan ka nemi hoton dunduniyar ƙafa biyu a jere. Rubutun NIKE AIR na baya da zare aka yi shi; haruffan su tsaya a tsakiya, tsayinsu ɗaya hagu da dama, ba zare da ya tsallaka daga wannan harafi zuwa wancan. Sai dai kada ka yanke hukunci a kan zare guda da ya leƙo ko ɗan tabon gam. Na asali ma ana samun haka a jikinsa, don dubbai ake ƙerawa a rana. Karkacewar da ta maimaita kanta a wurare da yawa ita ce shaida.

Tafin takalmin yana da sauƙin dubawa. Air Force 1 tun fitowarsa a 1982 takalmin ƙwallon kwando ne, shi ya sa aka yi masa da'irori cikin da'irori a gaba da dunduniya, don ɗan wasa ya juya a kansu. A bakin yatsu da ƙarshen dunduniya kuma akwai ƙananan taurari a cunkushe. A na asali kowane tauraro da tsininsa biyar a fili. A jabu mai araha sukan fito a dakushe, wasu sun narke cikin juna, wasu manya wasu ƙanana. Ka kuma matso da hoton layin ɗinkin da ya kewaye gefen tafin: zare ne na gaske da ya ratsa roba, ba zanen zare da aka zuba tare da robar ba. In takalmin gwanjo ne irin na dilolin Kantamanto, taurarin sukan cinye da tafiya, kuma galibi ba kwali. A nan takardar ciki da ɗinki ne kaɗai madogararka.

Duk wannan ba zai yiwu da hoto mai hazo ba. WhatsApp na matse hoto har zare ya ɓace, don haka ka ce ya turo ta Document, a hasken rana, ba tare da fitilar waya ba. Ya kuma rubuta kwanan wata a 'yar takarda ya ajiye kusa da takalmin, don wasu hoton na asali suke ɗaukowa a intanet, su sa wani abu dabam a mota.

Hoto yana iya tabbatar maka cewa takalmi jabu ne, kamar yadda naka ya yi, amma ba ya iya wanke shi. Akwai jabu masu tsada da lambobinsu suka dace, taurarinsu suka fito tsaf, sai an riƙe su a hannu an ji nauyi da laushin fata da warin gam. Sabon Air Force 1 ya haura dala 100 a kantin Nike na Amurka, kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ka juya wannan zuwa sidi ka gwada da abin da aka ce ka turo. Idan kuma kana son takalmin a matsayinsa na jabu, don kawai ya yi maka kyau, ka gaya wa mai kaya abin da ka gani a kwalin, ku yi ciniki a kan farashin jabu. Ka sa wani naka a Kumasi ya karɓa da hannunsa kafin ka tura ko sidi ɗaya.