Yadda Ake Hisabin Fentin Gida a Cikin Birnin Kano

Duk mai gidan da ya ƙudura niyyar yi wa gidansa fenti, ko don ƙaratowar Salla ko don za a kawo amarya, ya kamata kafin ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ya san abu uku, wato faɗin bangon da za a shafa, da abin da lita ɗaya take iya rufewa, da adadin shafin da za a yi, domin a kansu ne hisabin duka ya doru. Ƙa'idar kuwa ita ce a ninka faɗin bango da adadin shafi, sa'an nan a raba da abin da lita ɗaya take rufewa, abin da ya fito shi ne litocin da ake bukata.

Amma tun da fari sai a dubi bangon, gama gidajen cikin birni ba iri ɗaya ba ne. Bangon ƙasa wanda aka gina da tubali aka yaɓe da ƙasa ba ya riƙe fentin kanti, yakan shanye shi ya kuma zubar da shi tare da ɓawon yaɓen, saboda haka magabata suka lazimci farar ƙasa a ciki da makuba a waje. Maganarmu a kan bangon da aka yi wa filastar siminti ce, ko na bulo ne ko na ƙasa.

To, mu ƙaddara wani gida a unguwar Yakasai mai zaure ɗaya da ɗakuna uku da tsakar gida. Kowane ɗaki tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa 3.5, tashin bangonsa 3. Idan aka zagaya bangon nan huɗu da tef za a sami mita 15, a ninka da 3, ya zama murabba'in mita 45, sai a fitar da ƙofa, misalin murabba'i 2, da taga, misalin 1.5, saura 41.5, ɗakuna uku ke nan 124.5. Zauren kuwa mita 4 ne ta kowace fuska, tashinsa 3.5, wato 56, a cire ƙofofinsa biyu, saura 52. Jimlar ciki ta kama 176.5, mu cike ta 177. Ta haka aka auna bangon tsakar gida aka sami 65.5, fuskar gida ta wajen lungu kuma 33, jimlar waje 99 idan an cike. Silin bai shiga wannan lissafi ba, haka ƙofofin ƙarfe, waɗanda fentin mai suke bukata. Magina da yawa da ƙafa suke awo, sai a tuna cewa murabba'in mita ɗaya ya yi kusa da murabba'in ƙafa 11, kada a gauraya awo biyu a takarda ɗaya.

Mas'alar da ta fi rikita mutane ita ce ta biyu, wato abin da lita take rufewa, domin adadin da aka rubuta a jikin bokiti an samo shi ne a kan bango mai santsi wanda ya riga ya ƙoshi, alhali kuwa bangon mutane ba safai yake haka ba. Tsohon bango mai laushi wanda aka taɓa shafawa, lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe masa misalin murabba'i 10, amma sabuwar filasta mai kaushi tana da ƙishirwa ƙwarai, sai ka ga litar nan ba ta wuce 6 ko 7 ba. Ni a ganina hanyar yaƙini guda ce: a sayi galan ɗaya tukuna, a auni lita ɗaya daga ciki, a sirka ta da ruwa gwargwadon umarnin masu yin fentin, a shafa a bangon har ta ƙare, sa'an nan a auna wurin da ta rufe. Wannan adadi na bangonka ne, shi za ka yi aiki da shi. Shafi kuwa galibi biyu ne, sai fa idan za a ɗora fari a kan shuɗi ko kore mai duhu, nan kam sai an yi na uku, hisabin kuma ya ƙaru da rabinsa.

A gidanmu na misali, mu ce gwaji ya ba da 10 a ciki, 7 a waje. Na ciki, 177 sau 2 ya zama 354, a raba da 10, lita 35 da ɗoriya. Na waje, 99 sau 2 ya zama 198, a raba da 7, lita 28 da ɗoriya. Ga shi bangon waje bai kai kashi biyu cikin uku na na ciki ba, amma ya kusa cin fenti daidai da shi. Sai a ƙara ushiri a kan kowanne saboda abin da yake zuba da wanda yake maƙalewa a rola da buroshi, ciki ya zama 39, waje 31. Wannan ƙari ba israfi ba ne, domin in fenti ya yanke ana tsakiyar bango, wanda za a ƙaro daga baya ba lalle launinsa ya zo daidai da na farko ba, kuma mahaɗar takan fito fili bayan an bushe.

Da yake galibi ba a sayar da fenti lita-lita sai a bokiti mai lita 20 da galan mai lita 4, na ciki zai zama bokiti 2, na waje bokiti 1 da galan 3. Farashi yana sauyawa da zamani da kuma daraja, sai dai mu ƙaddara don misali kawai: bokitin na ciki Naira 30,000, biyu ke nan 60,000, bokitin na waje 40,000, galansa 9,000, jimla 67,000. Kuɗin fenti ya tashi 127,000. A ƙara 15,000 na rola da buroshi da samfefa da abin cike tsaga, da ladan mai fenti, mu ce an yi jinga a kan 70,000, gaba ɗaya Naira 212,000. Lura fa, lita a galan ta fi tsada, don haka in galan ɗin da ake bukata sun kai biyar, bokiti ya fi araha. Haka nan bokiti mai rahusa wanda sai an yi shafi uku da shi yana iya fin mai tsada cin kuɗi, saboda haka abin dubawa shi ne kuɗin rufe murabba'i ɗaya.

Wajen jinga kuma wajibi ne a ambaci adadin shafi da baki, a kuma fayyace wanda zai auna ruwan sirki, gama malaman fiƙihu sun sharɗanta a ijara cewa aiki da lada su zama sanannu, don gudun husuma. Fentin da aka cika wa ruwa ana gane shi, yakan yi zirara a bango, in ya bushe kuma tsohon launi yana leƙowa ta ƙarƙashinsa. Akwai kuma abin da hisabi ba ya magancewa, wato danshin da yake hawowa daga tushen bango a lungunan da ruwa yake kwanciya da damina, wanda alamarsa ita ce farin gishiri da kumburin fenti daga ƙasa zuwa misalin gwiwa. Irin wannan wuri sai an kankare shi an gyara magudanar ruwa an bar shi ya bushe, sabuwar filasta kuma a ba ta misalin mako huɗu, kafin a buɗe bokitin farko.